Ƙirga Shaguna Ba Shi Ne Binciken Kasuwa Ba

Akwai wata gurguwar shawara da ake yawan bai wa matasa masu neman sana'a: su ƙirga masu yin ta, in sun yi yawa su kauce, in babu kowa su faɗa. Wannan shawara ta cinye jarin mutane da dama, domin ƙidayar shaguna rabin lissafi ce kawai. Sauran rabin shi ne yawan masu saye.

A ɗauki sana'ar fotokwafi. Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Kurfi, da ke kan hanyar Katsina, ba ta da irin wannan taron ɗalibai. A ƙaddara matashi ya ƙirga shaguna 10 a wani layi a Dutsin-Ma, a wata unguwa a Kurfi kuwa ɗaya tak. Bisa waccan shawara, Kurfi zai nufa.

Amma a ce shagunan nan 10 suna raba shafi 6,000 a kullum. Idan ya zama na 11, rabonsa zai kai kusan 545. Idan kuwa shagon Kurfi shafi 200 yake bugawa, na biyu zai tashi da 100. Mai kashe naira 6,000 a rana kan haya da fetur da gyaran inji, yana cin ribar naira 20 a shafi, sai ya buga 300 kafin ya mayar da kuɗinsa. A cikin cunkoso zai ci riba, a filin da babu kowa zai karye. Sau da yawa ba rashin dabarar mutanen gari ne ya bar wuri fayau ba. Wani ya gwada, ya rufe.

Masu kare ƙidayar za su ce cunkoso na karya farashi, kuma gaskiya ne. Sai dai ƙidayar ba ta ganin babban abokin gasa, wato wayar ɗalibi, wadda ake tura masa darasi a cikinta ta WhatsApp. Ba ta kuma ganin lokaci. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, haya kuwa ba ta yajin aiki. Don haka wancan 545 ɗin ma sai an raba shi a kan wata 12, har da watannin hutu.

Giɓi na gaskiya yana inda mai saye ya zo da kuɗinsa ya koma da su. Mai neman sa ya zauna gaban shagunan mako guda, safe da yamma, ya rubuta mutum nawa suka juya da dalilinsu: an ɗauke wuta, layi ya yi tsawo, ko ba a ɗaure kundin kammala karatu. Idan ribar aikin waɗanda suka juya ta zarce kuɗin da zai kashe a rana, ya sami gurbi. Idan ba ta kai ba, ya riƙe jarinsa.