"Mars ɗinsa ne" ba uzuri ba ne

1/ Jiya ƙawata ta zo ɗaki da jan ido. Saurayinta ya daka mata tsawa gaban mutane, karo na uku ke nan. Na ce me kika ce masa? Wai "ba laifinsa ba ne, Mars ɗinsa a Aries yake." Haba. Ku zauna mu yi maganar nan.

2/ Ga abin da masu duba taurari na Turawa ke cewa. Zuhura, wadda manhaja ke rubutawa Venus, ita ce wai ke nuna abin da ke jan hankalinka a so. Mirrihi, wato Mars, shi ke nuna yadda kake faɗa. Idan yana Aries ranar haihuwarka, wai kai mai saurin fushi ne da saurin hucewa.

3/ Matsala ta farko: Mirrihi yakan yi kusan mako shida zuwa bakwai a buruji ɗaya. Kenan duk jaririn da aka haifa a duniya cikin waɗannan makonni Mars ɗinsu ɗaya. Miliyoyin mutane fa. Duk su ke wa 'yan matansu tsawa?

4/ Ta biyu ta fi zafi. Lissafin Turawa da na Indiya sun bambanta da kusan digiri 24, saboda sandar juyawar duniya tana gocewa a hankali, Turawa kuma suka ɗaure burujansu da yanayin shekara, ba da taurarin ba. Kowane buruji digiri 30 ne kacal.

5/ Sai muka gwada. Nasa ya fito Aries digiri 10. Muka canza saitin daga Tropical zuwa Sidereal, ya koma Pisces wajen digiri 16. Me ake cewa game da Mars a Pisces? Mai gudun rigima, mai haɗiye fushi. Mutum ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, hali biyu masu karo da juna. Wanne ne ya yi tsawar?

6/ Nata ma haka. Venus a Scorpio, wai shi ya sa take da kishi. Muka canza, ta faɗa Libra: mai son sulhu. Ta karanta duka biyun ta ce "wallahi ni ce." Nan gizo ke saƙar. An rubuta bayanan ne yadda kowa zai ga kansa ciki.

7/ An ma gwada abin. A 1985 Shawn Carlson ya wallafa gwaji a mujallar Nature: masu duba sun kasa haɗa taswirar haihuwa da sakamakon gwajin halin mai ita fiye da cinke.

8/ Abin da ke ƙona min rai shi ne, tauraro ya zama lauyan mai laifi. Maimakon "ka daina," sai "haka aka halicce shi."

9/ 'Yar'uwa, kina son sanin yadda yake faɗa? Duba abin da ya yi ranar da kika ce a'a. Ya saurara ko ya ɗaga murya? Ya ba da haƙuri, ya kuma canza? Wannan ba ya sauyawa don an taɓa saiti.