Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Magana Kan Sunan Ƙungiyar Ƙwallo

Ni akawu ne, rabin rayuwata na yi shi ina rubuta sunayen mutane cikin rajista, saboda haka idan na yi magana kan suna, ba da ka na ke yi ba. Ran nan samarin unguwarmu suka zo mini da takarda, suka ce in gyara musu rubutu, za su kai ta wurin masu shirya gasar ƙwallon ƙafa ta gari. Na duba wurin suna, sai na ga sun rubuta sunan wata ƙungiya ta birnin Landan, sun liƙa masa sunan unguwa a wutsiya. Na tambayi babbansu ma'anar kalmar. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai ya san suna cin wasa. Na ce to, idan kun jefa ƙwallo a raga, me jama'arku za su riƙa faɗi? Nan ma shiru. Wannan shirun shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da na ke so in ce gajere ne. Sunan ƙungiyar unguwa ya kamata ya fito daga cikin unguwar, ya kuma zauna daidai a bakin mutanenta, har tsohuwa da ke leƙe ta kan katanga ta iya kiransa da tafi. Sunan da ya kasa waɗannan biyu, ko da zinariya aka rubuta shi a riga, kayan aro ne.

Bari mu fara da su waɗanda a ke aron sunayensu. Arsenal da yaranmu su ke ɗauka wani kirari ne na jarumai, ma'anarta gidan makamai. Ma'aikatan wata masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa ƙungiyar a 1886, suka ɗauki sunan wurin da su ke neman abinci. Akwai kuma wata a garin Sheffield, tun 1867, sunanta Wednesday, watau Laraba, domin ran Laraba ce waɗanda suka kafa ta su ke samun sararin barin sana'a su yi wasa. Jama'a, ku duba fa: mutanen nan sunan wurin aikinsu da ranar hutunsu suka sa, ba su ji kunya ba. Mu kuwa mun bar namu, mun ɗauko nasu. Da koyi na gaskiya mu ke yi da su, ai da sunan maƙera da majema da marina mu ke fita fili. Ko a nan kusa da mu, mutanen Kumasi da suka kafa Asante Kotoko a 1935 ba su haye teku neman suna ba. Kotoko a bakinsu beguwa ce, alamar Asante tun kaka da kakanni, dabbar da kowa ya taɓa ta ya sha ƙaya.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, Malam, ai babbar ƙungiyar Kano ma, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa har sau huɗu tsakanin 2008 da 2014, sunan Turanci gare ta, Kano Pillars. Gaskiya ne. Amma wanda ya taɓa shiga filin wasa na Ƙofar Mata ranar da su ke wasa, ya faɗa mini, da wane harshe jama'a su ke ɗaga murya? Abin da ke tashi daga bakin dubban mutane shi ne "Sai Masu Gida!" Sunan Turancin yana takarda, na Hausar yana maƙogwaro. Wannan shaida tawa ce, ba ta masu gardama da ni ba, don ta nuna ko an ba jama'a sunan aro sai sun ƙera nasu. To, me zai hana ƙungiyar unguwa, wadda ba ta da kowa sai jama'arta, ta fara daga inda jama'a za su ƙare?

Yanzu mu zo ga awo, don a nan ne aikin ya ke. Wanda ya yi makarantar allo ya san akwai wasalin da a ke ja, akwai wanda ba a ja, akwai kuma ɗauri. Haka maganar Hausa ta ke. Gaɓar da aka ja wasalinta, ko ta ƙare da ɗauri, mai nauyi ce, tana cin tafi ɗaya. Gaɓar da ba a ja ba sassauƙa ce, sai biyu sun haɗu su ke cin tafi ɗaya. Ku gwada da kirarin nan na Kano. "Sai" tafi ɗaya. "Ma" an ja ta, tafi ɗaya. "Su" da "gi" gajeru ne, su biyu tafi ɗaya. "Da" an ja ta, tafi ɗaya. Tafi huɗu cif, ba ragi ba ƙari, kamar takun doki. Shi ya sa mutum dubu su ke faɗinsa tare ba wanda ya riga wani, mai kalangu kuma ya bi su ba wahala. Boko ba ya nuna ja a rubutu, saboda haka kada a auna suna da ido a takarda. A faɗe shi da ƙarfi, a tafa.

Bari in kawo misali, mu bi shi daki daki. A ce unguwar marina ce, irin ta Ƙofar Mata a Kano, inda a ke tsoma zane a karofi, a shanya, sa'an nan a kai mabuga. Samarinta sun taru za su raɗa wa ƙungiyarsu suna, an kawo shawara huɗu.

Na fari ya ce a sa Ƙungiyar Matasa Masu Son Ci Gaban Unguwar Marina. Wannan sunan akawu ne irina, ya yi kyau a kan takardar neman taimako. Amma kafin mai kira ya kai ƙarshensa numfashi ya ƙare, an ma dawo da ƙwallo tsakiya. Sunan da ya wuce tafi huɗu, jama'a za su yanke shi da kansu, ba kuwa lalle su yanke inda ku ke so ba.

Na biyu ya ce Zakuna. Zaki dai ba a raina shi, amma kowace unguwa tana iya cewa ita ce zaki. Ranar da Zakunan gabas suka gamu da Zakunan yamma, wanda ya yi ihu bai san wa ya ke ƙarfafa ba. Sunan da maƙwabcinka zai iya ɗauka ya sa ba tare da ya yi ƙarya ba, ba naka ba ne.

Na uku ya ce 'Yan Baba, don da baba a ke rini. Wannan ya fito daga cikin gida, gajere ne kuma. Amma a nan a ke gwada suna da gwaji na uku, watau a ba abokin gaba shi ya tauna. Baba na rini da baba mahaifi rubutunsu ɗaya, karin murya da ja ne kaɗai suka raba su. Abokan hamayya ba sai sun sāke ko harafi ɗaya ba, su ɗan karya murya kawai, sai ga jarumanku sun koma shagwaɓaɓɓun da a ke goyo. Wanda ya ba maƙiyi sanda da hannunsa, kada ya yi kuka in ta sauka.

Na huɗu, wani yaro da ke gefe, ya ce Mabuga. Ku dubi abin da ke cikin wannan kalma. Mabuga su ne mutanen da ke zama sahu biyu suna fuskantar juna, zane a kan gungume, suna sauke masa sanduna masu nauyi bi da bi har ya yi ƙyalli, amon kuwa duk unguwa da shi aka tashi. Ƙwallo ma bugawa a ke yi. Kalma ɗaya ta ɗauki sana'ar iyaye da wasan 'ya'ya. Awonta kuma: "ma" da "bu" gajeru, tafi ɗaya; "ga" an ja, tafi ɗaya. Mai kira ya ce "Mabuga!" jama'a su amsa "A buga!" Amshin ma gajeru biyu ne da mai nauyi ɗaya, ƙarshensu ɗaya, tafi biyu da biyu, kamar yadda sandunan su ke amsa wa juna. Yaro ɗan shekara biyar ya ji sau ɗaya ya riƙe.

Ba na ɓoye muku, shi ma yana da ƙofar rago. Ranar da aka ci su, abokan hamayya za su ce musu Bugaggu. Amma sai sun ƙera wata kalma dabam kafin su samu, ba ta kuwa cizo sai ranar da aka sha kashi, ran nan kuwa ko sunan wa ka ɗauka sai an yi maka dariya. Wannan aibi ne da a ke iya zama da shi.

Saura abubuwa biyu da na ke roƙo a guje musu. Kada a sa wa ƙungiya sunan mai kuɗi ko mai neman zaɓe don ya sayi riguna goma sha ɗaya. Riga tana yagewa cikin shekara, mutum yana sāke jam'iyya, rabin unguwa kuma ba nasa ba ne, sai ka ga an raba gida a kan ƙwallo. Kada kuma a kusanci suna mai alfarma na addini, domin duk sunan da ya shiga fili sai an yi masa ba'a, daga nan kuwa wasa ya tashi daga wasa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, da yawa cikin yaran nan ba rashin sani ya kai su aro ba, kunya ce. Suna ganin rini da jima da fawa aikin da ne, ba abin ɗagawa a gaban mutane ba. Wanda ya ji kunyar hannun da ya ciyar da shi, sunan Landan ba zai rufa masa asiri ba. Bahaushe ma da ya tashi yabon mai arziki, cewa ya yi mai hannu da shuni.

Samarin unguwarmu dai na mayar musu da takardarsu ba tare da na taɓa wurin suna ba. Na ce su tara mutum ashirin a dandali bayan la'asar, har da yara da dattijo ɗaya wanda ya san tarihin unguwa. Kowane suna aka kawo, a kira shi sau goma da tafi, sa'an nan a sa mafi tsokana a cikinsu ya yi ƙoƙarin ɓata shi. Wanda ya tsira, aka kuma ji yara suna maimaita shi a hanyar gida ba wanda ya sa su, shi za su kawo mini in rubuta. Allah ya sa su dace, amin.