SALLAMAR WAYA: ME MAI "SLM" YAKE JIRA?

Da wuya a samu mai riƙe da wayar salula a yau wanda wannan abu bai taɓa faruwa da shi ba. Waya za ta yi ƙara, mutum ya ajiye abin da yake yi ya duba, sai ya tarar da haruffa uku kacal, "Slm", ko kuwa biyu, "Hi". Daga nan sai shiru. Wanda ya aiko yana can ya zuba wa wayarsa ido, wanda aka aiko wa kuma yana nan yana tambayar kansa, shin lafiya? Wasu kan amsa nan take, wasu kan yi tsaki su mayar da wayar aljihu, suna cewa in da magana ai da ya faɗa. Alal haƙiƙa akasarin masu aiko irin wannan saƙo suna da magana, kuma sau da yawa nauyinta ne ya hana ta fitowa.

Asalin wannan ɗabi'a daga ƙofar gida ta taso. Bahaushe in ya je gidan mutum yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ya jira a amsa, a shimfiɗa masa tabarma, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, sannan bayan an natsa ya ce dama wata 'yar magana ce ta kawo shi. Wanda ya faɗo da buƙatarsa tun daga bakin ƙofa akan ce ba shi da ladabi. Addini ma ya ƙarfafa wannan tsari, domin Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. To da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, sai jama'a suka ɗauko wannan ladabi na zaure suka shigo da shi cikinta. A farkon lamarin tsadar saƙon tes ta sa kowa kan cusa gaisuwa da buƙata cikin haruffa 160 don kada ya biya kuɗi biyu, wanda ba shi da kati kuma ya yi filashin ya jira a kira shi. Amma da WhatsApp, wadda aka ƙirƙira a 2009, ta bazu a hannun jama'a, sai kuɗin kowane saƙo ya zama ba abin lissafi ba, sallamar zaure ta samu fili.

Abu na farko da mai sallamar yake nema shi ne ya san ko mai gidan na nan, kuma ko shi ne da kansa. Ba kowace waya ce ke zama a hannun mai ita ba. Wayar uwa takan kwana a hannun 'ya'yanta, ta maigida takan yini a shagon mai caji, ta mace takan shiga hannun mijinta. Matar da take son ta shaida wa yayarta cewa zaman gidanta ya yi tsami ba za ta rubuta haka kai tsaye ba, sai ta fara tura sallama, ta ga irin amsar da za ta dawo, ta gane ko yayar ce ke magana. Wannan dalili ne mai ƙarfi, kuma bai kamata a zargi mai shi ba.

Abu na biyu, wanda ya fi yawa, shi ne kunyar roƙo. Mai neman rance ko taimako ya san cewa in ya rubuta buƙatarsa dalla-dalla aka karanta aka yi shiru, to an hana shi ke nan, kuma rubutun yana nan zaune a wayar wani, ana iya nuna wa kowa. Amma in sallama kawai ya yi aka yi shiru, yana iya lallashin zuciyarsa da cewa wataƙila ba a gani ba, mutuncinsa na nan a hannunsa. Ban da haka, yana auna yanayin amsar. In aka ce "Wa'alaikumus salam ƙanena, kwana biyu, ya su Inna?" sai ya ji ƙarfin gwiwar buɗe baki. In kuwa aka ce "Wslm" a bushe, sai ya haɗiye maganarsa ya ce dama gaisuwa ce.

Sai dai akwai wata manufa da take fakewa a nan wadda ya kamata a faɗe ta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wani yana yin sallamar ne don ya ɗaure wanda ya aika wa. Ya san Musulmi ba ya jin daɗin ƙin amsa sallama, domin Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da gaisuwa, kuma Imam Nawawi ya kawo a littafinsa Al-Azkar cewa sallamar da ta zo a rubuce ma akwai wajibcin amsa ta. Da zarar an amsa, hanyar cewa ba a ga saƙo ba ta toshe, sai ya sako buƙatar. Jama'a sun gane wannan dabara, shi ya sa masu ɗan hali da yawa suka daina amsa sallamar da ba ta zo da bayani ba. Ta haka mai dabara ya jawo wa mai gaskiya, aka wayi gari kalmar aminci ta zama abin da ake gani gaba ya faɗi.

Don a ga irin asarar da ke cikin lamarin, mai karatu ya ɗauki misalin wani saurayi da aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, aka ce a kawo naira 40,000 na magani da gwaji kafin dare. Ba shi da wanda zai nufa sai kawunsa, ɗan kasuwa a Kantin Kwari a Kano, mutumin da ba ya samun sukunin duba waya sai lokacin salla. Da ƙarfe 9 na safe saurayin ya tura "Slm Kawu". Kawu bai gani ba sai da aka idar da Azahar, ya amsa, ya koma kan ciniki. Saurayin ya tura "Ya kasuwa?" Amsa ba ta zo ba sai bayan La'asar: "Alhamdu lillah." Ya sake turawa, "Dama akwai maganar da nake so mu yi." Bayan Magariba Kawu ya ce yana ji. Sai a lokacin yaron ya rubuta abin da ke tafe da shi, Kawu kuma bai karanta ba sai bayan Isha'i. Awa goma sha ɗaya sun tafi a kan gaisuwa, maras lafiya tana kwance ba magani. Kawun bai yi rowa ba, yaron kuma bai yi rashin ladabi ba. Abin da ya faru shi ne yaron ya ɗauki waya tamkar zaure, inda ake sallama a amsa a cikin minti guda, alhali saƙon waya ɗan'uwan wasiƙa ne, mai ita yana karantawa ne lokacin da ya samu sarari.

Kuma duk wanda ya taɓa rubuta wasiƙa a zamanin gidan waya ya san tsarinta. Ba a taɓa jin wanda ya saka sallama kaɗai a ambulan ya manna kan sarki ya zauna jiran amsa ba. Akan fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sannan a ce bayan haka, a shiga magana, duk a takarda ɗaya. Da saurayin nan ya bi wannan tsari, da ya rubuta tun da safe cewa: "Assalamu alaikum Kawu, ina kwana, ya iyali da kasuwa? Bayan gaisuwa, an kwantar da Inna a asibiti tun daren jiya, ana neman naira 40,000 kafin dare, na samu 10,000. In da hali a taimaka, in kuma babu a sa ta a addu'a." A nan ladabi ya cika, buƙata ta fito da adadinta da lokacinta, an kuma bar wa Kawu ƙofar uzuri ba tare da ya ji nauyi ba. Da Azahar ɗin nan da an gama magana. In kuwa abu ya kai na rai da mutuwa, to kira ya fi saƙo.

To amma kada a ɗauka kowace sallama tana ɗauke da roƙo a bayanta. Akwai wanda sallamar ita ce saƙon gaba ɗaya. Ɗan'uwan da aka yi saɓani da shi a kan rabon gado, aka shekara biyu ba a magana, in ya turo "Slm" ranar Juma'a, to wataƙila ya yi makonni yana rubutawa yana gogewa kafin ya tura, kuma abin da yake fata shi ne a nuna masa ƙofar sulhu ba ta rufe ba. Wanda ya yi biris da irin wannan sallama don ba ta zo da bayani ba ya yi wasa da zumunci. Shi ma mai aikowa ya sassauta zargi. Tun 2014 WhatsApp ta fito da alamun nan biyu da kan koma shuɗi in an buɗe saƙo, kuma sun haddasa ɓacin rai mai yawa, alhali mai waya yana iya kashe su, yaro ma yana iya buɗe saƙon uban bai sani ba. Hadisin Abu Musal Ash'ari, da ya nemi izini sau uku a ƙofar Sayyidina Umar bai ji amsa ba ya juya, ya isa darasi ga mai jera sallama goma a yini ɗaya.

Akwai kuma sallamar da ake yi wa taka-tsantsan, wato wadda ta fito daga lambar da ba a sani ba, babu suna, babu bayani. 'Yan damfara kan watsa irinta ga lambobi masu yawa don su gane wadda ke aiki da wanda ke saurin amsawa. Alamarsu ita ce in an tambaye su ko su wane ne sai su kauce, su ce haba, ba a gane su ba, ko su ce kuskuren lamba ne amma su ci gaba da jan hira. Ƙarshenta sai maganar kuɗi ta fito, ko su ce za a ga wasu lambobi shida sun shigo waya a karanto masu. Lambobin nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗin mutum, wanda ya bayar da su ya miƙa akwatinsa, kuma da sunansa za a bi 'yan'uwansa ana roƙo.

Saboda haka gyaran yana wuyan ɓangarorin biyu. Mai aikawa ya cika sallamarsa, ya faɗi ko shi wane ne, ya biyo da abin da ya kawo shi a saƙo ɗaya. In magana ce ta sirri, ya isa ya ce yana da magana, yaushe zai kira. Wanda aka aika wa kuma, in ya san mai sallamar, ya amsa ya haɗa da tambaya, ya ce lafiya dai ko, akwai abin da ake ciki ne? Tambayar nan guda ɗaya takan sauke wa mai kunya rabin nauyin da ke ƙirjinsa, kuma amsa sallama ba ta wajabta wa kowa bayar da abin da ba shi da shi ba. Allah Ya rufa asirin bayinSa, Ya sa a dace.