Ajanda ta faɗi hukuncin da za a yanke

Sakataren ƙungiya da ya rubuta "Batun kuɗi" a takardar gayyata bai sanar da kowa komai ba. Da ya rubuta "Ƙara kuɗin wata daga naira 2,000 zuwa 3,000: ma'aji zai gabatar, za a kaɗa ƙuri'a", da mai adawa ya san ranar ba ta fashi ba ce. Iyakar bayanin ke nan. Lissafin ma'aji a haɗo shi daban, domin ajanda mai shafi uku ba ta samun makaranci.

Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ma ta wajabta sanarwar kwana 21 kafin babban taro, tare da bayyana abin da za a tattauna. Ƙarin da aka cusa ƙarƙashin "Sauran batutuwa" kuwa, wanda bai halarta ba yana da hujjar ƙalubalantarsa.