Daga Ɗakin Labarai: Hoto 600, Gurbi 8

A zamanin da ake aiki da fim, mai ɗaukar hoto na jarida yakan tafi wurin taro da nadi biyu ko uku a aljihu, kowanne yana cin hoto 36, saboda haka ba ya danna kyamara sai ya tabbata. Yau kuwa kyamara tana iya ɗaukar hoto 10 cikin daƙiƙa guda. Wahalar da ke filin taro a da ta komo kan tebur, wurin zaɓe.

A ɗauki misalin Hawan Daushe na Kano, wanda bisa al'ada ake yi da yammacin kashegarin Salla, a ƙare da jafi a Ƙofar Kudu. A ce mai hoto ya komo da 600, edita kuwa ya ce gurbi 8 ne a shafin tsakiya.

Dubawar farko ba ta bukatar dogon tunani. Wanda ya yi dishi-dishi, da wanda kan wani ɗan kallo ya tare rabinsa, da wanda ƙura ta shafe, duk a kawar da su gefe guda. Amma kada a goge ko ɗaya kafin jarida ta fito. A nan sai a ga 600 sun koma kamar 350.

Dubawa ta biyu ita ce mai cin rai. Lokacin da ayarin wani hakimi ya sako sukuwa zuwa gaban Sarki, mai hoto ya danne yatsa daƙiƙa uku, ya sami hoto 30 waɗanda a ƙaramin gilashin kyamara kamar an tsaga kara. Sai an jera su a kwamfuta, an buɗa kowanne har iyakar girmansa, kana bambanci ya fito. A fara da idon mahayin da ke gaba: in ya fito ras, hoton ya tsira, in kuwa bangon da ke bayansa ne ya fito sosai, shi ya dushe, to, kyamara ta saita kan abin da ba a nufa ba, kuma babu gyaran da zai mai da shi. Daga nan a dubi ƙafafun doki, a dubi hannun da aka ɗaga, ko ya kai ƙarshen ɗagawa ko yana hanya, a dubi gefen hoto ko an yanke kan mashi. Cikin 30 ɗin nan ɗaya ake ɗauka, a ajiye na biyu don ko-ta-kwana. In an bi kowane jeri haka, abin da zai rage bai fi 45 ba.

To, a nan ne sabon ma'aikaci yakan yi tuntuɓe. Yana zaton ya gama da maimaici tun da babu hoto biyu masu kama da juna, alhali kuwa maimaici na gaskiya shi ne hoto biyu su faɗi magana guda. Jafin hakimai biyar daban-daban, kowa da launin rawaninsa, a wurin mai karatu na Legas ko Maiduguri labari ɗaya ne: dawaki sun yi sukuwa. Su ne kuma suka fi kyau, shi ya sa hannu ba ya son sakinsu. Duk da haka guda biyu sun isa, ɗaya daga nesa da ya nuna fili da taron jama'a, ɗaya a kusa da ƙura tana tashi.

Sauran gurbi shida sai a raba wa abin da ba a faɗa ba tukuna: Sarki a ƙarƙashin laima, dogarai cikin ja da kore, 'yan lifidi, mai busa kakaki, yaro ƙarami bisa doki cikin alkyabba, da fuskokin 'yan kallo. A sami na tsaye a sami na kwance, gama mai tsara shafi ba ya iya gina shafi da siffa guda.

Sau da yawa hoton 'yan kallon nan shi ne mafi rauni, domin an ɗauke shi gab da magariba, haske ya ja. In fuskoki sun fito, ya cancanci gurbi fiye da jafi na uku, tun da ba shi da madadi. Sai dai takardar jarida tana shan tawada, hoto mai duhu yakan ƙara duhu a bugu, saboda haka a ɗan haskaka shi, a gwada a takarda kafin a miƙa.

Saura suna. Hoton hakimi, kome kyansa, in mai hoto bai rubuto sarautarsa ba, ba a kuwa sami wanda ya tabbatar ba, sai a koma ga wancan na ko-ta-kwana ko ga jafin wani da aka sani. Jaridar da ta kira Madaki da sunan Makama, washegari da neman afuwa za ta fito.