Kuɗin Ruwan Asusun Ajiya: Yadda Banki Yake Lissafinsa



Akasarin malamai suna ɗaukar kuɗin ruwan banki a matsayin riba, shi ya sa magidanta da dama suke ware shi daga dukiyarsu. Amma ba a iya ware abin da ba a san adadinsa ba. Don haka a wannan fitowa za mu bi lissafin daki-daki.

A ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, kamar Nijar da Benin, ruwan asusun ajiya na gama-gari kashi 3.5 ne cikin ɗari a shekara. Bankuna da yawa ba kwana-kwana suke ƙirgawa ba. Suna raba shekara gida 24, wato rabin wata-rabin wata. Kuɗin da aka zuba ba ya fara jawo ruwa sai ranar 16 ga wata ko 1 ga watan gobe. Wanda aka cire kuwa, ana ɗauka ya fita tun farkon rabin watan da ake ciki. Wannan rana ita ce take fitowa a takardar bayanin asusu da sunan "date de valeur".

Mu ɗauki misali da faran sefa yadda ake rubutawa a takarda, ba da ƙirgen dala na kasuwa ba. Magidanci ya zuba 600,000 ranar 3 ga Maris. Ruwansu na shekara 21,000 ne, wato 875 a kowane rabin wata. Lissafi zai soma ne daga 16 ga Maris, saura rabin wata 19 kafin ƙarshen Disamba, jimla 16,625.

To, sai ya ciri 240,000 ranar 30 ga Satumba saboda kuɗin makarantar yara. Banki zai mayar da cirewar baya zuwa 16 ga Satumba. Ruwan wannan kaso 350 ne a rabin wata, sau 7 ya kama 2,450. Abin da ya rage 14,175 ne.

Ba kowane wata ake zuba wannan kuɗi ba. Wasu bankuna sau ɗaya suke zubawa a ƙarshen shekara, wasu kuma duk bayan wata shida, a layin da aka rubuta "intérêts créditeurs". Da zarar ya shiga, ya gauraya da uwar kuɗi, shi ma ya fara haihuwa. Wanda yake son warewa bai kamata ya bari ya kwana biyu ba.

Sai batun haraji. Kowace ƙasa da dokarta, wasu asusun ma an yafe musu. Inda ake karɓa, banki ne yake cirewa ya miƙa wa hukuma, kuma daga ruwan kaɗai ake cira, ba a taɓa uwar kuɗi. Idan muka ƙaddara kashi 10 ne, za a ɗebe kimanin 1,418, a bar 12,757. Wannan ne ainihin abin da ya ƙaru a asusun. Wanda ya fitar da 14,175 gaba ɗaya ya haɗa da 1,418 na guminsa.