Wa ya ce amsar 33 ce kaɗai?

Duk shekara idan lokacin konkur ya matso, wato gasar shiga aikin gwamnati a Burkina Faso, za ka ga samarin Bilbalogho sun watse daga majalisar shayi sun duƙufa kan wasu takardu da aka buga a injin kwafi. Ba tarihi ko dokar ƙasa ke hana su barci ba. Abin da ke hana su shi ne sashen da ake kira sikotaknik, inda ake jera lambobi ko haruffa a ce mutum ya faɗi mai biyowa. Ana cewa wannan ma'aunin basira ne tsantsa, wanda bai san ɗan wane ba. Ni ban yarda ba, kuma ga hujjata.

A ɗaya daga cikin takardun nan na ga wannan: 3, 5, 9, 17, sai me? Hanyar da ake koyarwa ita ce a duba ratar da ke tsakani. Daga 3 zuwa 5 biyu ne, daga 5 zuwa 9 huɗu, daga 9 zuwa 17 takwas. Rata tana ninkuwa, saboda haka ta gaba 16 ce, amsa 33. Madalla. To, wani ƙanena ya kalli ratar nan 2, 4, 8 ya ga abu dabam: an ƙara biyu, sannan an ƙara huɗu, don haka yanzu shida za a ƙara. Rata ta zama 14, amsa 31. Ina kuskurensa? Babu. Ƙa'idarsa ta dace da dukkan lambobi huɗun da aka ba shi, daidai da ta mai 33. Laifinsa kawai bai karanci zuciyar wanda ya tsara tambayar ba.

Kada a ce wannan gardamar majalisa ce. Masana lissafi sun daɗe da sanin cewa gajeren jeri ba ya tilasta amsa guda. Zana da'ira, ka sa ɗigo a bakinta, ka haɗa kowane ɗigo da kowane da miƙaƙƙen layi, ka ƙirga yankunan da suka fita. Ɗigo biyu na ba da yanki 2, uku 4, huɗu 8, biyar 16. Kowa zai rantse shida za su ba da 32. Iyakar abin da suke bayarwa 31 ne. Wanda ya san wannan, a ɗakin jarrabawa saninsa zai iya jawo masa asarar maki.

Na haruffa ya fi ci mini rai. L, M, M, J, V, sai me? Amsa S, domin farkon sunayen ranakun mako ne da Faransanci. Wace basira aka auna nan? Da Hausa aka jera su, L, T, L, A, J za a gani, kuma da ɗan makarantar Faransanci zalla ya yi zuru yana ƙirga tazarar haruffa a banza. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Mosanci a kasuwa, Larabci a madarasa, an gwada shi ne a kan harshen da ya zo masa na huɗu, aka rubuta sakamakon da sunan hankali.

Kuma ba baƙi ba ne mu a fagen lamba. Malamin da ke zana hatimi mai gida tara, ya jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai tashi 15, aikin ƙwaƙwalwa yake yi da ya fi na takardun nan zurfi. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci kan ƙa'idojin gina irin waɗannan gidajen lamba.

Na san abin da za a ce mini: idan masu nema sun yi dubban ɗaruruwa, gurabe kuma 'yan dubbai ne, dole a sami rariya, kuma rariyar da ba ta duba sunan uba ta fi ta "wa ka sani". Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a soke ta ba. Amma rariyar da ke raba mutum da albashi dole ta amsa tambaya. A tsawaita jerin zuwa lamba shida ko bakwai domin ƙa'idojin da ke takara su ragu. Idan zaɓi aka bayar, kada a sa 31 da 33 a tambaya guda. A cire duk abin da ya dogara ga farkon kalmar Faransanci daga sashen tunani, a mai da shi sashen harshe inda ya dace. Bayan jarrabawa a fitar da kowace amsa tare da ƙa'idarta, a ba mai 31 damar kawo hujjarsa a rubuce.

Kafin a yi haka, na gaya wa ƙanena abin da bai so ji ba: idan ƙa'ida biyu suka dace, ya zaɓi wadda ta fi gajarta a faɗa. "Ninka, ka cire ɗaya" ta kai 17 zuwa 33 a numfashi guda. Ya rubuta 33 yana ƙunƙuni.